Auren mangwaro: a gefe ake zaunar da reshe

"Maigida, barka da aiki. Na yi wa dashen mangwaro ashirin aure, na tsaga uwar, na sa reshen a tsakiya daidai, na ɗaure tam. Wasu har sun yi toho, amma yanzu duk sun bushe sai uku. Ina matsalar take?"

Da bakinka ka faɗi matsalar, yaro: a tsakiya ka sa. Ukun da suka rayu, je ka duba, za ka tarar kaurin reshensu ya zo ɗaya da na uwar, shi ya cece su. Ba zan tsaya koya maka shuka ƙwallo ko cika leda da ƙasa ba, wannan ko ɗan jiya a lambu ya sani.

Ɗauki reshe ɗanye ka kankare ɓawonsa da farce. Tsakanin ɓawon da farin itacen akwai wani siririn layi mai danshi da santsi, kaurinsa bai kai na takarda ba. Malaman gona suna ce masa kambiyam. A duk jikin reshen, nan ne ake ƙera sabon itace ta ciki, wanda ke hawa da ruwa daga saiwa, da sabon ɓawo ta waje, wanda ke sauko da abinci daga ganye. Farin itacen tsakiya ya gama girmansa. Ko shekara ka yi kana matse itace da itace ba za su haɗe ba. Idan ka yanka, wannan layin ne ke fitar da wani farin nama mai laushi don ya rufe ciwon. Naman uwa ya haɗu da naman reshe, sai su gina hanyar ruwa a tsakaninsu. In kuwa layin reshen yana can tsakiyar tsaga yana fuskantar itace, layin uwar yana can gefe, to kowa yana warkar da ciwonsa shi kaɗai.

Wannan kuskuren naka shi ya taɓa cinye mana aikin damina guda a lambun nan, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Wani alhaji ya ba da kafin alƙalami a yi masa ɗaruruwan ɗan aure, zai dasa a gonarsa ta wajen Kura. Uwayen sun ɗan wuce lokaci, sun kai kaurin babban yatsa, rassan mangwaro irin juli da aka yanko kuwa ba su wuce fensir ba. Aka ɗauko wani matashi ya taya aiki, ya ce ya iya, a waya ya koya. Hannunsa da sauri, ɗaurinsa gwanin kyau, amma kowane reshe sai ya daidaita shi a tsakiyar tsaga, wai ya fi tsari a ido. Bayan mako uku toho ya fito jajaja, alhaji ya zo ya gani ya yi murna. Tohon nan da abincin da reshe ya taho da shi daga bishiyarsa ya fito. Da guzurin ya ƙare, ganyen ya yi laushi, ya langaɓe, ya yi baƙi tun daga kai. Da aka kwance ledar aka ja reshen da yatsa biyu, sai ya zare salin-alin. A leɓen tsagar uwar ga farin nama nan ya taru, ko kusa da reshen bai kai ba. Alhaji ya karɓe kuɗinsa, ya bi gari yana cewa lambunmu ba a iya aure ba. Yaron kuwa ko a jikinsa, ya ce iri ne ba shi da kyau. Abin da ke damuna da yaran yanzu ke nan, aiki ya lalace ba za su kwance ɗaurin su duba ciki ba.

Ga yadda za ka yi. Nemi uwa mai kaurin fensir, 'yar wata 8 zuwa shekara, ka yanke kanta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka bar mata ganyen da ke ƙasa da yankan. Tsaga ta santimita 3 zuwa 4. Reshen kuma na ƙarshen reshe ne da ya ƙosa, tsawon santimita 10, idon kansa ya kumbura amma bai fashe ba. Mako guda kafin ranar, ka yanke ganyensa tun yana kan bishiya, ka bar 'yan guntayen hannun ganyen, za su zube da kansu. Fiƙe gindinsa ta fuska biyu daidai tsawon tsagar, kowace fuska da ja ɗaya. In ka yi ta sassaƙa, fuskar za ta yi tudu da kwari, layin ya taɓa a wuri ɗaya ya tashi a sauran. Kada yatsanka ya taɓa yankan, kuma kada ka ajiye shi kana hira, ƙaron mangwaro da ya sha iska yake fara duhu. Ka riƙa goge wuƙar da sifirit.

Idan reshen ya fi uwar siranta, tura shi gefe guda, ka haƙura da ɗaya gefen. Gefe ɗaya da ya haɗu sosai ya isa ya raya bishiya. Sai ka lura da wani abu da ke kayar da har waɗanda suka daɗe a aikin: ɓawon uwa mai kauri ya fi na reshe kauri. In ka shafa da yatsa ka ji bayan ɓawo ya yi daidai da bayan ɓawo, to layin reshen ya fito waje, ya sauka a kan ɓawon uwar. Sai reshen ya ɗan nutse ciki kaɗan, gwargwadon bambancin kaurin. Leƙa ta saman yankan, za ka ga iyakar kore da fari a jikin kowannensu, ita za ka jera. In idonka bai ba ka ba, karkata reshen kaɗan ƙwarai yadda layukan za su gitta juna, ko a wuri ɗaya ne sun haɗu.

Wajen ɗauri ma reshe yana zamewa. Danne shi da babban yatsa, ka naɗa leda mai faɗin santimita 2 daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya, don ruwa ya gangara ta waje. Ka sake leƙawa kafin ka rufe saman. Kifa farar leda a kan reshen, ka kai inuwa. A Kano damina ce lokacinsa, daga Yuni zuwa Agusta. Hunturu yana busar da reshe kafin naman ya haɗu, zafin bazara kuma yana dafa shi a cikin leda.

Toho yakan fito a mako 2 zuwa 4, sai ka cire ledar sama, amma kada ka yi wa kowa alkawari sai ganyen ya rikiɗe daga ja zuwa kore ya yi ƙarfi. Duk tsiron da ya fito a jikin uwa ka fizge shi. Ɗaurin sai bayan wata 2 zuwa 3, kafin ya fara shaƙe itacen.

Matattun nan goma sha bakwai, kada ka zubar. Kwance su ɗaya bayan ɗaya. Wanda cikinsa ya yi baƙi da damshi, ruwa ne ya shiga. Wanda ya bushe ƙayau, iska ce ko rana. Wanda ka ga farin nama a leɓen uwa amma reshen ya zare, layi ne bai haɗu ba. Uwayen da ke da rai, yanke su ƙasa da tsohuwar tsagar ka sake. Gobe da sassafe ka zo da wuƙarka a wase, ka yi biyar a gabana.