Koren ya yi ihu, na sa baƙi ya yi datti

Oga barka da aiki. Hajiya ta kawo ƙyallen labule tace irin korensa take so a fentin falo, kore ne mai haske mai sanyi. Na haɗa yalo da bulu ya fito yana ihu, na ɗiga baƙi kuma sai ya yi duhu ya yi datti. Ya zan yi?

Toh kai yaro abu biyu ka cakuɗa waje ɗaya. Hasken kala daban, ƙarfinta daban. Haske fari ne ke gyara shi, amma kalar da ke ihu abokiyar gabarta ake sa mata ta kwanta, kuma abokin gabar kore ja ne. Baƙi yana kashe ƙarfi amma tare yake jan kalar zuwa duhu, sai ka dawo kana ta zuba fari har fentin ya zama ruwan toka.

Wancan ka ajiye shi gefe, ya yi shafin farko a sito. Ka ɗebi farin imolshan, wato fentin ruwa, lita 1 a roba mai tsabta, da fari ake farawa a riƙa sa masa kala kaɗan kaɗan, in ka fara da mai duhu sai ka ƙarar da bokiti baka kai ba. Ka siyo sirinji a kemis, banda awo da ido. Misali sa yalo mil 10 ka juya sosai har ƙasan robar, sannan bulu mil 2 ko 3 kawai don bulu ya fi yalo ƙarfi nesa ba kusa ba. Kalar kowane kamfani da ƙarfinta, saboda haka kar ka haddace lissafin nan, ka dai riƙa rubuta duk abin da ka zuba.

Yanzu shafa a kwali ka bari ya bushe, don imolshan yakan ƙara duhu in ya bushe, wanda ya gwada da ɗanye shi ke shan kunya gaban mai gida. Ka fita waje cikin inuwa ka ɗora ƙyallen a kan kwalin, kar ka duba ƙarƙashin kwan lantarki. Ka ɗan runtse ido ka ga wanne ya fi duhu, in naka ne ƙara fari. Sai hasken ya zo ɗaya tukuna zaka sa ja, rabin mil, ka juya ka sake gwadawa. In ya fara komawa ruwan ƙasa jan ya yi yawa, maida masa yalo da bulu kaɗan.

In ya dace sai ka ninka da 20 na babban bokiti, misali in bulu mil 3 ka sa, yalo mil 200, bulu 60, ja 10, amma ka rage ɗan kaɗan a bulu da jan sai ka gwada kafin ka ƙarasa zubawa. Kuma ka haɗa wanda zai ishi falon duka lokaci ɗaya, haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko. Ka duba kwalbar kalar ma, ta fentin mai bata shiga imolshan.