Shin sautin da ake yayi zai iya sayar mini da atamfa?

Tambaya: Ina sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari, ina sayarwa daga gida ta TikTok da Instagram. Wani yaro ya ce idan ina ba shi naira 15,000 a wata zai riƙa ɗora wa bidiyona sautin da ake yayi, wai da haka ne manhajar ke tura sabon bidiyo ga jama'a. Shin gaskiya ne, kuma ya cancanci kuɗin?

Amsa: Hajiya, akwai gaskiya a maganar yaron, sai dai bai gaya miki inda gaskiyar ta tsaya ba. A shekarar 2020 kamfanin TikTok ya bayyana abubuwan da yake dubawa kafin ya saka bidiyo a shafin For You, wato shafin da mutum ke ganin bidiyon waɗanda bai ma san su ba. Daga ciki akwai bayanan bidiyon kansa, kamar rubutun da ke ƙarƙashinsa da sautin da aka ɗora masa, sannan akwai halayyar masu kallo, kuma kamfanin ya ce kallon bidiyo mai ɗan tsawo daga farko har ƙarshe alama ce mai nauyi sosai. Ya kuma ce yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da yake aunawa kai tsaye, wanda shi ya sa mai mabiya ɗari biyu kan iya wayar gari bidiyonta ya kai ga dubban mutane.

Amfanin sauti a wannan tsari shi ne, sabon bidiyo yana zuwa ne ba tare da wani tarihi ba, babu wanda ya kalle shi balle manhajar ta san wa zai so shi. Idan yana ɗauke da sautin da aka riga aka yi amfani da shi a bidiyo masu yawa, manhajar tana da masaniyar irin mutanen da suka saba tsayawa su kalli wannan sautin, don haka ta sami waɗanda za ta fara gwada naki a kansu. Bayan wannan, kowane sauti yana da shafinsa, inda duk wanda ya danna sunansa a ƙasan allo zai ga jerin bidiyon da aka yi da shi, har da naki. Haka abin yake ga kwalliyar hoto irin su Green Screen, wadda ke ba mutum damar tsayawa a gaban hoton kayansa yana bayani, ita ma tana da nata shafin. Manhajojin suna son wannan tsari ne domin yana sauƙaƙa wa mutane yin sabon bidiyo, tunda an riga an ba su ƙwarya sai dai su zuba nasu furar, kuma yana riƙe mai kallo yana ta bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya.

To amma iyakar abin da sautin ke yi ke nan, ya kai ki gaban mutanen farko. Idan suka wuce bidiyon cikin daƙiƙa biyu, turawar za ta ragu komai farin jinin sautin. Sannan akwai abin da ya fi damuna game da sana'a irin taki, wato su wane ne waɗannan mutanen. Masu bin sautin rawa ko na barkwanci galibi nishaɗi suka zo nema, kuma da yawansu suna ƙasashen da ba za ki iya aika musu turmi ko ɗaya ba. Ke kuwa uwar amarya kike nema mai haɗa lefe ko anko, a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, wadda abin da take son ji shi ne sunan atamfar da farashinta da kuma ko tana zuba idan an wanke.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda masu wannan aiki ba kasafai suke ambata ba. Idan shafinki na kasuwanci ne, wato Business Account, TikTok ba ya buɗe miki dukkan waƙoƙin da sauran mutane ke amfani da su, sai waɗanda ke cikin Commercial Music Library, wato rumbun waƙoƙin da aka halatta wa 'yan kasuwa, domin izinin da kamfanin ya karɓa a kan yawancin fitattun waƙoƙi bai haɗa da talla ba. Instagram ma yana taƙaita waƙoƙi ga shafukan kasuwanci. Wasu kan kauce wa wannan ta hanyar mayar da shafin na ƙashin kai, ko su ɗora waƙar su rage ƙararta har ba a ji, amma hakan bai sauya hukuncin ba, tunda bidiyon talla ne. Abin da kan biyo baya shi ne a cire sautin, bidiyon ya zama bebe bayan ya fara tafiya, ko kuma ranar da kika so ki biya kuɗi ta Promote don a ƙara tura shi, a ƙi karɓa saboda waƙar da ke ciki. Idan za ki yi amfani da sautin yayi, ki zaɓa daga waɗanda aka halatta wa 'yan kasuwa, ki rage shi ya zauna a ƙarƙashin muryarki, kuma ki kama shi tun yana tashi, domin yayi irin wannan kan mutu cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma wadda ta shigo a makare bidiyonta yana nutsewa ne a ƙasan dubbai.

Kafin ki biya ko sisi, ki gwada da kanki na mako biyu. Ki yi bidiyo goma na kaya masu kama da juna, ki riƙa sakawa a lokaci ɗaya kullum, biyar da sautin yayi, biyar da muryarki kawai kina buɗe turmin kina faɗin farashi. A TikTok kowane bidiyo yana da Analytics, inda za ki ga matsakaicin lokacin da aka kalle shi, da kason waɗanda suka kai ƙarshe, da kuma inda masu kallon suka fito, ko For You ko Search ko Sound. Idan kason Sound ɗan kaɗan ne, kin san shafin sautin ba shi ne ke kawo miki mutane ba. Ki kuma duba ƙasashen masu kallon, sannan ki ajiye littafi ki rubuta saƙonni nawa suka shigo ta kowane bidiyo da turmi nawa aka saya.

Mu ɗauka, a matsayin misali, cewa biyar masu sautin yayi sun tara kallo 12,000 da saƙo uku da ciniki ɗaya, su kuma masu muryarki sun tara kallo 2,500 da saƙo tara da ciniki huɗu. A ido na farkon ne suka yi nasara, a aljihu kuwa na biyun ne. Idan ribarki a turmi naira 2,000 ce, sai aikin yaron ya sayar da ƙarin turmi takwas a wata kafin ki mayar da 15,000 ɗin da kika ba shi, ba a ma zo maganar riba ba. Idan gwajin ya nuna akasin haka, wato sautin yayi ya fi kawo ciniki, to zaɓen sautin aikin minti biyar ne da za ki iya koya, domin a Instagram akwai 'yar kibiya mai kallon sama kusa da sunan sautin da ke tashi, TikTok kuma yana jera irinsu a wurin ƙara sauti.

Shawarata ita ce kada ki biya shi don sauti kaɗai. Idan ya iya ɗaukar hoto cikin haske mai fito da ainihin launin atamfa, ya kuma iya yanka bidiyo yadda kayan za su bayyana tun daƙiƙar farko, ki ɗauke shi don wannan, ku yi yarjejeniyar wata ɗaya, wani ɓangare na ladansa ya rataya a kan kowane turmi da aka sayar ta bidiyon da ya yi. Lambar sirrin shafin kuma ta zauna a hannunki, shi ya turo miki bidiyon ki saka da kanki.