Mun gama ciniki da baki, in tura masa takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau. Jiya Talata na zauna da wani Alhaji mai injin haɗa abincin kaji a Kaduna, muka daidaita zan kai masa masara buhu 300, kowane buhu Naira 45,000, zai ba da wani abu kafin alƙalami, sauran in an sauke kaya. Komai da baki muka yi, dillalin da ya haɗa mu yana zaune. Abokina ya ce in rubuta masa takarda, ni kuma ina jin nauyi, don Alhajin sa'an mahaifina ne, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka rubuta, kuma ka tura yau, kafin ka sayi ko buhu ɗaya.

Batun jin nauyi ba zan daɗe a kansa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, kuma da zarar kayanka sun sauka alhali sauran kuɗinka na hannunsa, bashi ya shiga tsakaninku. Dattijon da ke da injin sarrafa abinci ya saba da takardu fiye da kai. Abin da zai iya ɓata masa rai shi ne salon rubutun, shi ya sa za ka ɗora abin a kanka, ka ce kana so ya duba maka ko ka fahimce shi daidai.

Ni ba ƙarya nake ji maka tsoro ba. Yawancin rigimar da ake kawo mini, ba wanda ya yi ƙarya a ciki, kalma ɗaya ce kowa ya tashi da tasa fassarar. A cinikinka kalmar ita ce "buhu". Kai a kasuwa buhu kake gani, in an cika shi an ɗinke baki, magana ta ƙare. Shi kuma a kan sikeli yake saye, kuma a ransa buhu kilo 100 ne cif. Ka ɗauka an sauke kaya an ɗora a ma'auni, kowane buhu ya ba da kilo 95. Kilo biyar sau 300 ya zama kilo 1,500, wato buhu 15, wato Naira 675,000 daga cikin Naira miliyan 13 da rabi. Zai zare wannan kuɗin yana ganin hakkinsa ne, kai kuma ka ga an cuce ka. Mai yiwuwa ribarka gaba ɗaya ba ta kai haka ba.

Haka kalmar "kai masa". Farashin nan na Dawanau ne ko na ƙofar injinsa? Wa zai biya kuɗin mota, da 'yan lodi a nan, da 'yan sauke a can, da abin da ake kashewa a hanya? La'adar dillali fa, a wuyan wa take? Sai kuma danshi. Masu haɗa abincin kaji suna da na'urar auna danshin masara, kuma galibi ba sa son ya wuce kashi 13 ko 14 cikin ɗari, saboda masara mai laima tana yin fumfuna a sito. In ba ku yi wannan maganar ba, tana jiran ka a bakin ƙofarsa, a lokacin da tirela ta riga ta iso, direba yana ƙirga maka kuɗin kwana.

Tunda ban san yadda kuka yanke waɗannan ba, zan cike da misali, kai ka sa naku:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na gode da lokacin da aka ba ni jiya Talata 14 ga wata a ofishinka, tare da dillalinmu. Na rubuto abin da na fahimta don ka duba mini, in akwai kuskure a gyara. Zan kawo farar masara buhu 300, kowane buhu kilo 100, a kan Naira 45,000, jimla Naira 13,500,000. Wannan farashin har da kuɗin mota da lodi zuwa injinka a Kaduna, saukewa kuma taku ce. Za a auna a sikelinku a gaban yarona. Za ka turo kafin alƙalami Naira 5,400,000 ranar Alhamis 16 ga wata, mota ta iso ranar Litinin 20 ga wata, sauran Naira 8,100,000 kuma a biya cikin kwana bakwai da sauke kaya, a asusun da ke ƙasa. La'ada kowa zai biya rabi. Abu ɗaya ba mu taɓo ba, shi ne danshi. Nawa ne iyakar da kuke karɓa, kuma in ya haura, rage farashi ake yi ko mayar da kaya? Don Allah in haka ne a amsa mini da 'haka ne', in fara haɗa kaya. Na gode."

Ka lura da yadda na ware maganar danshi daban, a matsayin tambaya. Wannan shi ne inda masu wayo suke kashe kansu: sai su cusa sharaɗin da ba a yi ba a tsakiyar takarda, kamar an yi shi. Ranar da Alhaji ya gano layi ɗaya na ƙari, duk sauran takardar ta zama abin zargi, kuma dillalin da ke zaune zai ba da shaida a kanka. Abin da aka faɗa shi kaɗai za ka rubuta a matsayin an gama. Ka kuma lura babu "ƙarshen wata" ko "in an kwana biyu" a ciki. Kwana biyun Bahaushe kowa ya san ba shi da iyaka.

Layin ƙarshe shi ne ƙashin bayan takardar. Mu kan ce shiru ma magana ce, amma kada ka dogara da wannan a nan. Takardar da ka tura ba a amsa ba tana nuna abin da kai ka fahimta ne kawai, ba ta tabbatar da cewa ya amince ba. Tana da ɗan amfani, musamman in ya turo kafin alƙalami daidai da adadin da ka rubuta bayan ya karanta, amma ba ta kai amsarsa ba. In kwana ɗaya ya wuce shiru, kira shi, ka karanta masa, ka roƙi ya amsa a rubuce ko da kalma biyu. In ya ce ka yi da manajansa, to ka yi, amma ka sa Alhajin a cikin saƙon. In kuwa an yi ta kewaye-kewaye an ƙi amsawa, kada ka loda mota.

Ba sai ka buga a takarda mai hatimi ba. A dokar Najeriya cinikin kaya irin wannan da baki yana ɗauruwa, wahalarsa hujja ce, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar saƙonnin waya da na kwamfuta in an cika sharuɗɗansa. Saƙon WhatsApp ya isa, amma ka rubuta shi rubutawa, kada ka yi na murya, ka tura wa lambar da aka san tasa ce, ka tura wa dillali kwafi, ka kashe tsarin da ke goge saƙo da kansa, ka kuma ajiye wayar da saƙon yake ciki, hoton allo kaɗai yana da saurin musu. Da fili ko gida kuke ciniki, da ban ce maka wannan ya wadatar ba, can sai cikakkiyar yarjejeniya da lauya.

In Alhaji ya kira ka daga baya ya ce a ɗaga ranar kawo kaya ko a rage buhu hamsin, kana ajiye waya ka tura layi biyu: ga abin da aka sauya yau, sauran yana nan yadda yake, a amsa mini.