Aikin da na gada ya zame mini ƙarfen ƙafa

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. An mayar da ni teburin wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Na tarar da fayil-fayil jibge ba a taɓa su ba, kullum mutane na zuwa suna zazzaga mini masifa, oga kuma ya fara kallona kamar ni ne mai laifi. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta saƙonka raina na ɓaci, don na sha wannan ukubar. Teburin takardun haƙƙin ma'aikatan da suka ajiye aiki aka ba ni. Wanda na gada ya bar mini takardar miƙa aiki ta rabin shafi, wai komai na tafiya daidai. A rajistarsa kuwa, kusan kowane suna ya rubuta "an tura" a gabansa.

Ba zan manta da wani dattijo ba. Ya shigo riƙe da kwafin takardunsa a leda, duk sun yi laushi saboda yawan buɗewa. Ya ce an shaida masa tun bara cewa fayil ɗinsa yana sashen kuɗi, can kuma sun ce ba su taɓa ganinsa ba. A gaban kowa ya nuna ni da yatsa, muryarsa na rawa, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni. Ni da ban taɓa ganinsa ba! Oga ya leƙo, ko tambaya bai yi ba, sai ya ce, "Kai me kake yi tun da ka zo?" Da yamma na fasa durowar ƙasa da aka bari a kulle, sai ga fayil ɗin tsohon nan, takarda ɗaya tak ta rage a sa wa hannu. Shi wanda na gada ɗin fa ƙarin girma aka yi masa. Na kira shi har na gaji bai ɗauka ba, ranar da ya ɗauka cewa ya yi shi ya bar wajen, in ji da abina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau in muka haɗu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

To, ka ajiye komai ka yi ƙidaya tukuna. Kowane fayil ka rubuta lambarsa, ranar da ya shigo, inda ya tsaya, da abin da ya hana shi wucewa. Kada ka yarda da rajistar wanda ka gada. Ka ɗauke ta ka je sashen da ya ce ya tura, ka gwada da littafin karɓarsu. Duk "an tura" da babu sa hannun mai karɓa da kwanan wata a ɗaya ɓangaren, ba a tura ba, ka koma ka binciki durowa da kabad. Ta haka na gano fiye da rabin nawa ba su taɓa barin ɗakin ba.

Jerin nan ka kai wa oga a rubuce, ka sa ranar da ka kama aiki a sama, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ka zagi kowa a ciki, ko sunan mutumin ba sai ka jaddada ba, kwanan watan ya isa ya nuna wanda ya zauna a kansu. Ka yi da wuri, don in ka ja lokaci ba wanda zai ƙara bambance nasa da naka, kuma ranar da takardar neman ba'asi ta zo sunanka za ta ɗauko. A ƙarshen takardar ka faɗi adadin da za ka iya kammalawa a mako tare da sabon aikin da ke shigowa, ka roƙi oga ya zaɓi waɗanda za a fara da su. Ni na ba da shawarar a fara da masu wa'adin da ya kusa cika, sai waɗanda sa hannu kaɗai ya rage musu.

Don Allah, in an kawo maka tsohuwar takarda aka ce ka sa hannu da kwanan watan baya don a rufe maganar, ka ƙi. Da zarar ka sa, jinkirin ya zama naka.

Masu ƙorafi kuwa, ka ji tausayinsu, an daɗe ana yi musu ƙarya. Cewa "ba ni ba ne" ƙara tunzura su yake yi. Dattijon nan da ya dawo, zaunar da shi na yi, na buɗe masa fayil ɗin ya gani da idonsa, na nuna masa takardar da ta rage, na ce ya dawo ranar Alhamis in gaya masa inda aka kwana. Ban ce masa za a biya shi ranar ba, don wannan ba a hannuna yake ba. Wasu kuma za su zo su ce wancan ya yi musu alkawarin kaza. Ka ce su rubuto, ka miƙa wa oga, kada ka amsa da baki.

Kuma ka daina kwana a ofis, na san kana yi. Ni sai da ciwon kai ya kwantar da ni, iyalina ma suka shiga damuwa. Ka fara da littafin karɓar nan gobe da safe, ka dawo ka faɗa mana abin da ka tarar. Allah ya kawo maka sauƙi.