Yadda Ake Gane Yoyon Memori Daga Lissafin Kwanaki

"Maigida, manhajarmu da ke gudana a kan saba ta tashi da megabayit 400 ranar Litinin, yau Laraba da rana na ga ta kai 750. Yoyon memori ne, in sake kunna ta?"

Kada ka sake kunna ta tukuna, ɗana, domin da zarar ka yi haka ka goge shaidar da muke nema, kuma lambobi biyun da ka kawo ba su isa a yanke hukunci da su ba. Ta farko ka ɗauke ta ne lokacin da manhajar ba ta fara aiki ba, ta biyu kuwa da tsakar rana, sa'ad da jama'a suka fi yi mata yawa. Lafiyayyar manhaja ma haka take yi: takan kumbura da rana, ta sauka da dare. Abin da ke nuna yoyo shi ne inda take saukowa ta tsaya bayan aiki ya lafa, ko wurin yana nan yadda yake ko kuwa kullum yana ɗagawa sama. Kamar randa ce da ake cikawa ana kwashewa. Yawan ruwan da ke ciki da rana ba ya gaya maka komai, amma idan lakar da ke gindinta tana ƙaruwa kowace safiya, ka san akwai abin da ke shiga ba ya fita.

Kafin komai sai ka san lambar da za ka riƙa karantawa, domin a nan sababbin shiga suka fi ruɗewa. A Linux, idan ka buɗe `top` za ka ga `VIRT` da `RES`. Ta farkon fili ne da manhajar ta kama da sunanta, wanda sau da yawa ba ta taɓa ko rabinsa ba, saboda haka ka ƙyale ta. `RES` ita ce memorin da take zaune a kai da gaske, amma ita ma gauraye ce, tana ɗauke da shafukan fayilolin da aka buɗe, waɗanda tsarin zai iya karɓewa duk lokacin da ya matsu. A cikin `/proc/PID/status`, inda `PID` ke nufin lambar da tsarin ya ba manhajar, ni na fi son `RssAnon`, domin ita ce ke ƙirga abin da manhajar ta nema wa kanta. Ka haɗa ta da `VmSwap` ka tara su, saboda idan memori ya yi ƙaranci tsarin yakan kwashe wasu shafuka ya kai faifai, sai ka ga `RssAnon` ta tsaya cak ka ɗauka an warke, alhali ciwon ya koma wani wuri ne kawai. Ka rubuta wannan a ƙaramin fayil, ka sa `cron` ya riƙa gudanar da shi duk minti biyar:

```
PID=$(pgrep -o myapp)
echo "$(date -Is) $PID $(grep -E 'RssAnon|VmSwap' /proc/$PID/status | tr -s '\t\n ' ' ')" >> /var/tmp/mem.log
```

Da gangan na sa lambar `PID` a kowane layi. Idan wata rana ka ga memorin ya faɗi warwas, ka fara duba ko lambar ta canza, domin in ta canza ba sauka ya yi ba, manhajar ce ta mutu aka tashe ta, kuma sai ka duba `dmesg` ko za ka ga saƙon `Out of memory`.

Ka bar shi ya tara aƙalla mako guda, har da Asabar da Lahadi. Daga layuka 288 na kowace rana, guda ɗaya kake buƙata, wato mafi ƙanƙanta, wanda yawanci yakan faɗo gab da asuba. Mu ɗauka ga abin da ka samu: asubahin Talata megabayit 412, Laraba 447, Alhamis 481, Juma'a 517, Asabar 552, Lahadi 563, Litinin 574. Idan ka cire kowace daga wadda ta biyo ta, za ka ga ƙarin ya kama 35, 34, 36, 35, sannan 11 da 11. Abu na farko da wannan ke faɗa shi ne ƙarin bai ragu ba a ranakun aiki huɗu a jere. Da ma'ajiyar wucin gadi ce ke cika, wadda manhaja ke ajiye amsoshi a ciki don kada ta sake lissafa su, da ka ga wani abu kamar 35, 20, 9, 3, har ya kwanta, domin irin wannan ma'ajiya tana da iyaka kuma tambayoyin jama'a suna maimaita kansu. Haka ma idan memorin ne ya gutsuttsure, wato an saki gurabe amma sun warwatse yadda ba za a iya mayar wa tsarin da su ba, yawanci hawan yakan yi sanyi bayan 'yan kwanaki. Yoyo na gaskiya ba ya gajiya.

Abu na biyu ya fi wannan amfani, kuma shi ya sa na ce lallai ƙarshen mako ya shiga lissafi. Raguwar ƙarin zuwa 11 na iya sa ka zaci hawan ya fara kwanciya, amma kada ka yarda sai ka ɗauko yawan buƙatun da manhajar ta amsa. A ce a ranar aiki tana amsa 70,000, a ƙarshen mako kuma 22,000. Raba megabayit 35 da 70,000, za ka samu kusan bayit 520. Raba 11 da 22,000, shi ne dai 520 ɗin. Ke nan kowace buƙata tana barin kimanin rabin kilobayit a baya, kuma sai ka nufi hanyar da buƙata ke bi, ka nemi jeri ko teburin da ake ƙara wa abu ba a cirewa. Da ƙarin ya zama daidai kowace rana, ko da jama'a ko babu, da sai in ce ka bar hanyar buƙatu ka duba abin da ke tafiya da agogo, kamar aikin da ke farkawa duk minti ɗaya ya buɗe haɗi da rumbun bayanai bai rufe ba. Idan kuma hawan tsalle yake yi sau ɗaya a rana sannan ya miƙe, ka duba me ke gudana a daidai wannan sa'ar.

Daga waɗannan lambobi za ka san sauran lokacin da kake da shi. Mako guda yana cin megabayit 197, wato 35 sau biyar da 11 sau biyu. Idan iyakar da aka ba manhajar 2,048 ce, kada ka cire 574 kawai, domin da rana za ta mutu, lokacin da take ɗauke da ƙarin kusan 300 na aiki. Abin da ya rage 1,174 ne, kimanin mako shida ke nan, wanda ya ishe ka ka nemi tushen matsalar a tsanake, ko ka tsara sake kunnawa da dare kafin gyara ya zo.

Akwai inda wannan hanya ke yaudara. Idan da Java aka rubuta manhajar, takan riƙe memorin da ta karɓa ko bayan ta kwashe abubuwan da ba a buƙata, har ta kusanci iyakar `-Xmx`, don haka lambar da Linux ke nuna maka na iya hawa babu yoyo, ko ta tsaya alhali ciki yana cika. A nan sai ka kunna `-Xlog:gc` ka riƙa ɗaukar abin da ya rage bayan kowace babbar kwasa, ka yi masa irin lissafin da muka yi. Sannan kada a ɗora sabon zubin manhajar a tsakiyar makon awo. In dole ta sa an ɗora, ka fara ƙirga daga farko. Wannan lissafi zai tabbatar maka akwai yoyo kuma ya nuna maka ɓangaren da za ka nufa, amma ba zai nuna maka layin da ke yoyon a cikin rubutun manhajar ba. Wannan aikin `valgrind` ne idan C ce, ko `tracemalloc` idan Python ce, kuma a kwamfutar gwaji za ka yi shi, ba a sabar da jama'a ke amfani da ita ba.