Waƙa tana tsayawa a tsakiya idan sabis ya yi rauni, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kullum daga Agege nake zuwa Idumota, ina jin waƙa a waya, amma daga Oshodi har kan gada sai ta riƙa tsayawa tana juyi, wani lokaci ta yanke gaba ɗaya. An ce in riƙa danna Clear cache, kusan kullum ina yi amma babu sauyi. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin komai, don Allah ka daina wannan gogewar ta kullum, domin ita kanta tana cikin abin da ke ƙara maka wahala. Ni ma a Agege nake, na daɗe ina sana'ar caji da tura waƙa da gyaran saitin waya, kuma da wuya mako ya fita ba a kawo mini wannan ƙorafin ba. Zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri ka karanta a natse.

Idan ka danna waƙa, wayarka ba ta jira sai duka ta sauka. Tana jawo ta guntu-guntu tana zubawa a wani ɗan tanki, kai kuma kana sha daga tankin. Sabis shi ne famfo. Muddin abin da famfo ke zubawa ya fi abin da kake sha, ba za ka san an ɗauke ruwa na ɗan lokaci ba. Da zarar tanki ya ƙafe, sai ka ga abin nan yana juyi. Bayan wannan tanki akwai wata ma'ajiya a cikin memorin waya, ita ce ake rubuta Cache a allo. Waƙar da ka riga ka ji, manhaja takan ajiye ta a can, don gobe idan ka sake dannawa ta ɗauko daga cikin gida ba sai ta je famfo ba. To ka ga duk safiyar da ka danna Clear cache, randar da ka cika jiya ce ka kifar, sannan ka shiga gosulon Oshodi kana neman ruwa a wurin da dubban mutane ke layi a famfo ɗaya.

Kuma kada sandunan sabis su ruɗe ka. A Oshodi za ka ga sanda huɗu cif da 4G a sama, amma abu ba ya motsi, saboda turken sabis ɗaya ne kowa da ke cikin danfo da BRT da bakin titi yake ja. Sanduna suna nuna ƙarfin siginar da ke iso maka ne, ba rabon da ka samu ba. A kan gadar Third Mainland kuma, mai tsawon kusan kilomita 12 a kan ruwa, idan hanya ta buɗe mota na gudu, waya tana sakin wannan turke tana kama wancan, a tsakani akan samu ɗan giɓi. Abin da zai tsallakar da kai giɓin shi ne yawan abin da ke cikin tanki kafin ka iso.

Nan ne lissafi ya shigo, kuma shi ne na fi so ka riƙe. Bari in ɗauki Spotify misali tunda matakan ingancin sautinsa a fili suke. Normal yana cin kilobit 96 a daƙiƙa, High 160, Very high 320. Idan ka raba da takwas don ka mayar da shi KB/s, wato kilobait a daƙiƙa, ma'aunin da waya ke nuna gudun data da shi, Normal yana buƙatar 12 KB/s, Very high kuma 40 KB/s. Waƙa mai minti 4 a Normal ba ta kai MB 3 ba, amma ita ɗin dai a Very high ta doshi MB 10. Yanzu a ce a cikin gosulo abin da ke iso maka 20 KB/s ne. A Normal, waƙar nan gaba ɗaya za ta gama shiga wayarka cikin kamar minti 2 da rabi, wato kana tsakiyar ji ta riga ta gama sauka, ko sabis ya ɗauke a lokacin babu ruwanka. A Very high kuwa sai ta ci minti 8 kafin ta shiga, waƙar minti 4 fa. Dole ta tsaya, ko da sabis bai yanke ba ko sau ɗaya. Mutane da yawa suna zagin kamfanin layi alhali su suka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Za ka iya gani da idonka. Yawancin wayoyinmu suna da saitin da ke nuna gudun data a saman allo kusa da batir, a wasu ana kiransa Real-time network speed. Kunna shi, gobe idan waƙa ta tsaya ka duba lambar. In ka ga tana yawo tsakanin 5 da 15 KB/s, ka san famfon ne ke tsiyaya, sai ka shiga saitin ingancin sauti ka mayar da na Cellular streaming zuwa Normal, ko Low idan abin ya yi tsanani. Ni dai ban yarda da barinsa a Automatic ba a hanya irin taka, na fi son in ɗaure shi da kaina. Kuma tsakani da Allah, a cikin danfo da ƙarar inji da kwandasta na kiran fasinja, kunnenka ba zai raba 96 da 320 ba. Ka kuma kashe ɗan bidiyon nan da ke motsi a bayan waƙa, Canvas, domin shi ma daga famfon yake sha.

Wani yaro mai sayar da agogo a Obalende ya kawo mini wayarsa da irin kukanka. Wayar GB 32 ce, da na duba sauran wuri bai kai MB 300 ba, bidiyoyin zaurukan WhatsApp sun cinye ta. Wannan babban abu ne, domin idan wuri ya matse, Android da kansa yake fara share ma'ajiyar manhajoji don ya samu sarari, ko kai ba ka taɓa komai ba. Ga shi kuma yana da manhajar share-share, irin mai tsintsiya da ke cewa ta gano datti MB kaza, kullum da safe sai ya danna ya ji daɗin ganin lambar. Dattin nan da take nuna masa, har da waƙoƙin da ya ji jiya. Ingancin sauti kuma ya kai shi ƙololuwa, wai don kiɗa ya fi fita. Muka zauna muka kwashe bidiyoyi har aka samu sama da GB 2, na hana tsintsiyar taɓa manhajar waƙa, na sauko da inganci zuwa Normal. Na ce masa da daddare ya kunna jerin waƙoƙinsa su yi ta tafiya har ƙarshe. Washegari a gabana na sa wayar a Airplane mode na danna waƙoƙin, da yawa daga cikinsu suka tashi babu sabis ko kaɗan. Wannan gwajin kai ma ka yi, shi zai nuna maka ko ma'ajiyarka tana riƙe abu ko rariya ce. Ka yi ƙoƙari kada sauran wurin wayarka ya gaza GB 1.

Sai dai ba kowace tsayawa ba ce ta sabis, kuma kowace da alamarta. Idan waƙa tana tsayawa a wurare daban-daban tare da juyi, sabis ne. Idan sai ka kashe allo ka jefa waya aljihu, bayan 'yan mintuna ta yi shiru, da ka buɗe kuma ta ci gaba, to mai tattalin batir ne ke shaƙe manhajar. Ka shiga Settings, sai Apps, ka zaɓi manhajar, a wajen Battery ka sa Unrestricted ko Don't optimize, sannan ka tabbata Background data a kunne yake. Idan kana amfani da Data Saver na wayar, ka ba manhajar Unrestricted data. Idan kuma lambar daƙiƙa tana ci gaba da tafiya amma sauti ne ke yankewa, ka tuhumi abin kunnenka na Bluetooth, ba ruwan intanet.

Akwai ta huɗu, kuma ita ce inda Clear cache ke da rana. Waƙa guda ɗaya tak tana tsayawa a wuri ɗaya kullum, a ce minti 1 da daƙiƙa 40, ko kana inda sabis ke gudu. Wannan alama ce guntun da aka ajiye ya lalace, wataƙila sabis ya yanke lokacin da yake shiga. Nan sai ka goge sau ɗaya, kuma gara ka goge daga cikin saitin manhajar kanta. Ka kiyayi maƙwabcinsa, Clear data, wanda wasu wayoyi ke rubutawa Clear storage. Suna kusa da juna a allo, amma Clear data yana kwashe har waƙoƙin da ka sauke, ya fitar da kai daga asusunka. Na ga dattijo ya rasa karatun Alƙur'ani da wa'azin da ya tara wata da watanni saboda wannan dannawa ɗaya, har yau abin yana damuna.

Yanzu iyakar abin, don kada in yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Ma'ajiyar nan aro ce. Manhaja ce ke zaɓar abin da za ta riƙe da abin da za ta zubar idan sabo ya shigo, kuma yawancin manhajojin waƙa na waya ba sa ba ka damar ka ce ga girman da kake so. Sabuwar waƙar da ba ka taɓa ji ba kuwa ba ta cikinta sam. Saboda haka ga mai bin hanya ɗaya kullum irinka, abin da ya fi tabbas shi ne saukewa. Audiomack yana barin ka sauke waƙoƙi da yawa kyauta ka ji ba data. Spotify sai kana biyan Premium, kuma dole ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 ko abin da ka sauke ya ɓace. Waƙa 50 a mataki irin na Normal kamar MB 150 ce, ka ga da datar dare mai arha ka gama. Idan ka sauke, ka kunna Offline mode kafin ka hau mota, don idan waya tana ganin sabis rabi da rabi takan tsaya tana kokawa da shi kafin ta buɗe maka abin da ke cikinta.

In kuma rediyon gida kake kamawa ta intanet, wannan kai tsaye ne, babu abin da za a ajiye tun jiya. Abin da za ka iya shi ne faɗaɗa tankin. A manhajar kunna sauti da bidiyo ta VLC ka shiga Settings, sai Advanced, ka ga Network caching value. Da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake ƙirga shi, saboda haka 10000 daƙiƙa 10 ke nan. Zai ɗan jinkirta kafin ya fara magana, amma ƙaramin giɓi irin na kan gada zai wuce ba ka ji ba. Giɓin da ya fi daƙiƙa 10 kuwa zai yanke dai.

Ka fara da abu uku a daren nan: duba sauran wurin wayarka, ka sauko da inganci zuwa Normal, ka bar tsintsiya ta huta. Gobe idan kun kai Oshodi ka leƙa lambar gudun nan, ka dawo ka faɗa mini nawa ka gani da kuma manhajar da kake amfani da ita, sai in nuna maka inda saitin yake a taka.