Yadda ya kamata a auna kurakuran ɗalibin da ke tunani da harshen uwa yana rubutu da Turanci

Tambaya: "Malam, ina duba insha'in Turanci na 'yan aji, sai na tarar da takardar da tunaninta ya yi kyau ta cika da jan biro, domin yaron da Hausa yake tunani. Shin kowane kuskure zan cire masa maki daidai da ɗan'uwansa?"

Wa alaikumus salam, Malama. A ganina bai kamata a yi wa kurakuran nan kuɗin goro ba, kuma kafin ki cire ko rabin maki, ya dace ki fara gano inda kuskuren ya samo asali da kuma irin ɓarnar da ya yi wa ma'ana.

Hanya mafi sauƙi ta gane kuskuren da harshen uwa ya haifar ita ce ki mayar da jimlar yaron zuwa harshensa kalma bayan kalma. Idan ta fito lafiyayya, to daga can ta taso. Yaro ya rubuta "My brother he went to the farm", kin mayar da ita ta zama "Yayana ya tafi gona", wadda ba ta da aibu ko kaɗan, domin Hausa ba ta yarda suna ya haɗu da aikatau ba tare da "ya" ko "ta" ko "sun" a tsakani ba, kuma a kan wannan ƙaramar kalma lokaci yake zaune. Wannan dalili guda shi ne ke sa yaron ya ninka wakilin suna, shi ne kuma ke sa ya manta da sauya siffar aikatau idan yana ba da labarin jiya, tunda a harshensa "tafi" ba ta sauyawa tsakanin "ya tafi" da "zai tafi". Haka "the man that I saw him" take, daga "mutumin da na gan shi". Amma idan ya rubuta "goed" ko "childs", babu ruwan Hausa a ciki, ƙa'idar Turanci ce ya koya ya kai ta inda ba ta zuwa, kuma yaran da Turanci ne harshensu na farko ma suna yin haka.

Masanin harshe Pit Corder ya bambanta, tun a 1967, tsakanin kuskuren da ke nuna mai koyo bai riga ya san ƙa'ida ba da tuntuɓen alƙalami na wanda ya san ta. A aji gwajin ba shi da wuya: ki ja layi ƙarƙashin jimlar ba tare da kin gyara ba, ki mayar masa. Idan ya gyara da kansa, tuntuɓe ne, idan kuma ya kalle ki yana neman abin da ya lalace, to darasi yake bukata.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ainihin tambayarki. A tsarin makin insha'i na WAEC, ana ba ƙunshiya maki 10, tsari 10, iya bayani 20, ƙa'idojin rubutu da nahawu 10, a wannan kashi na ƙarshe kuma ana cire rabin maki a kan kowane kuskure. Mu ɗauki takardu biyu masu tsawon kalmomi 450. Ɗalibi na farko ya ninka wakilin suna sau 12, ba shi da wata matsala bayan wannan, kuma duk wanda ya karanta ya fahimci abin da yake nufi daga farko har ƙarshe. Idan aka bi ƙidaya zalla, maki 6 sun tafi. Ɗalibi na biyu kurakuransa 3 ne kawai, wato maki ɗaya da rabi, amma ɗaya daga ciki shi ne "Until you pay you will enter". Abin da ke ransa shi ne "sai ka biya za ka shiga", ya ɗauki "sai" ya ba ta fassarar da ya fi sabawa da ita, alhali wannan kalma tana ɗauke da ayyuka da yawa da Turanci ya rarraba wa kalmomi daban-daban. Wanda bai ji Hausa ba zai fahimci cewa mutum zai yi ta shiga har zuwa lokacin da ya biya, wato kishiyar abin da aka nufa. Kuskurensa na biyu shi ne "I borrowed my friend the money", domin a Hausa "na ara" da "na ara masa" aikatau ɗaya ne, ɗan ƙarin da ke bayansa ne ke nuna wanda ya bayar. A labarin da ya ginu a kan bashi, mai karatu ya rasa wa ke bin wa.

To, ƙidaya ta ce na farko ya ninka na biyu laifi sau huɗu, amma gaskiyar magana ita ce na farko gibi ɗaya gare shi wanda ya bayyana sau 12, na biyu kuwa ya karya saƙonsa a wuraren da saƙon ya dogara a kansu. Masana harshe Burt da Kiparsky sun yi wannan rabo a 1972, tsakanin kuskuren da ya tsaya a gurbinsa cikin jimla da wanda ya rikita ma'anarta gaba ɗaya, kuma galibi mahaɗan jimla da jerin kalmomi ne ke haifar da nau'i na biyu.

Idan aikin hukumar jarrabawa kike yi, tsarin da aka ba ki za ki bi, domin adalci tsakanin dubban ɗalibai ya dogara da kowa ya auna da ma'auni ɗaya. Ko a nan ma akwai abin da ke hannunki, kuma shi ne ya fi damuna: kada a hukunta yaro sau biyu ko uku a kan laifi ɗaya. Sau da yawa mai dubawa yakan ga shafi ya yi ja, ransa ya ɓaci, sai ya rage makin ƙunshiya da na tsari, alhali hujjojin yaron suna nan daram kuma sakin layinsa na bin juna. Shi ya sa nake ba da shawarar ki karanta takardar karo na farko biro a ajiye, ki ba da makin ƙunshiya da tsari, sannan ki dawo ki nemi kurakurai. Jimloli irin na ɗalibi na biyu su ne suka cancanci taɓa makin iya bayani, domin a nan ne bayanin ya gaza.

A aikin aji kuwa kina da sarari. Kuskuren da ya maimaitu daga tushe ɗaya, ki cire masa maki a karo biyu ko uku na farko, sauran ki ja musu layi kawai, ki rubuta ƙa'idar sau ɗaya a gefen takarda. Barin "a" da "the", ko rubuta "advices" da "informations" saboda "shawarwari" da "bayanai" suna da jam'i, su ma a nan suke, sai dai ina roƙon kada a yi musu shiru, domin abin da aka bari ya daɗe a hannun yaro yana da wuyar cirewa, kuma jarrabawar ƙarshe ba za ta yi masa sassauci ba.

Akwai wata matsala da mu da muke jin harshen yaron ya kamata mu kiyaye. Idan kika karanta "Until you pay you will enter", kunnenki na Hausa zai gyara jimlar kafin idonki ya lura, sai ki wuce ta, ki tsaya a kan harafin da aka rubuta ba daidai ba. Don haka duk inda kika ga mahaɗi irin "until" ko "unless" ko "except", ki dakata ki tambayi kanki abin da wanda ba ya jin harshen yaron zai fahimta. Idan kuma akwai abokin aiki mai wani harshen uwa daban, ki ba shi takardu biyar ya duba, ki kwatanta inda ya tsaya da inda kika tsaya.